Lita nawa ɗakin zai ci?

"Maigida, an ba ni ɗaki in lissafa fentinsa, bango da silin. A jikin bokiti an rubuta lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 12. Da wannan zan raba? Kuma taga da ƙofa duka zan cire?"

Ajiye wayar nan tukuna, ba a cikinta amsar take ba. Ku yaran yanzu kome kuka gani a rubuce sai ku ɗauka aya ce. Wannan 12 ɗin da ka karanta, ita ta taɓa cinye mini ladan aikin mako uku, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani mutum ne ya kira ni sabon gidansa, ɗan boko, mai biro a aljihun gaba. Kafin in iso ya gama lissafinsa a takarda. Bangon ciki gaba ɗaya murabba'in mita 600, ya cire tagogi da ƙofofi 90, saura 510. Shafa biyu, ya zama 1020. Ya raba da 12 ɗin jikin bokiti, ya sami lita 85. Ya sayo bokiti huɗu masu lita 20 da galan ɗaya mai lita 5, ya jera su a falo, ya ce in kama aiki. Lissafinsa ba kuskure ko ɗaya, ka duba da kanka. Laifina shi ne ban ɗora tafin hannuna a kan bangon ba kafin in ce to. A lokacin ina ji da kaina, na ga takarda tsaf, na ji kunyar yi wa mai ilimi gardama.

Bangon sabuwar filasta ce, mai kaushi, ba a goge ba, ba a sa firaima ba, wato shafin share fage da ke hana bango shan fenti da yawa. Rola ta farko da na ja, na ji ta bushe a hannuna tun ban kai rabin tsayi ba, fentin yana ɓacewa cikin siminti ina kallo. Nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba. Bangon nan lita ɗaya mita 6 take rufewa, ba 12 ba. Raba 510 da 6 ka gani: 85 cif. Shafa ta farko kaɗai ta shanye duk abin da ya sayo don shafa biyu.

Da na gaya masa fenti ya ƙare, sai ya zaro takardarsa ya ce rabin fentinsa fa? A gaban yarana ya ce na karkatar da bokiti biyu. Ni da ban taɓa fita da ko burushin wani ba. Daga ƙarshe ya riƙe kuɗina, ya ce in cika sauran daga aljihuna in ina son a biya ni. Shafa ta biyu ta ci lita 51, don bango ya riga ya ƙoshi, ya koma mita 10 a lita. Kuma ba a nan ta tsaya ba. Na sayo bokiti biyu, suka ƙare ana tsakiyar bangon falo, na koma na sayo na uku, sunan launi ɗaya amma lambar haɗin da ke jikinsa daban. Da ya bushe, rana ta shigo ta taga, sai ga layi daga sama har ƙasa, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya haske. Dole na sake falon gaba ɗaya. Mutumin ko sannu bai ce mini ba.

To ka ji. Lambar jikin bokiti ta bango mai santsi ce, wanda aka riga aka sa wa firaima, kuma ta shafa ɗaya ce tak. Fentin ruwa a irin wannan bango yakan rufe mita 10 zuwa 12. A sabuwar filasta ko bango mai kaushi yana iya saukowa 6 zuwa 8. Ni tun daga ranar nan ba na yarda da kowace lamba sai wadda bangon ya ba ni. Auna lita ɗaya daga bokiti tun kafin ka zuba mata ruwa, ka sirka yadda aka rubuta, ka shafa har ta ƙare, sannan ka auna wurin da ta rufe. In ta rufe faɗin mita 2 da rabi a bango mai tsayin mita 3, bakwai da rabi ke nan, da ita za ka raba shafa ta farko. Kada kuma ka ce za ka ƙara ruwa don ya kai. Ruwa ba ya rufe bango. Zai bushe ka ga siminti yana leƙowa, ka koma shafa ta uku.

Yadda ake riƙe abin awo ba zan koya maka ba, in ba ka iya ba ka koma ɗaukar tsani. Mu ɗauki ɗaki mai mita 5 da mita 4, tsayinsa 3. Kewayensa 18, sau 3, bango 54 ke nan. Ƙofa ɗaya, 0.9 sau 2.1, kusan 1.9, wannan cire ta duka tunda fentin mai za ta sha, lissafinta daban. Taga ce mutane ke faɗawa rami a kanta. Taga mai 1.2 sau 1.2 ita ce 1.44, amma ba a saman bango aka manna ta ba, tana ciki, kuma leɓen bangon da ya kewaye ta fenti za ka shafa masa. In zurfinsa santimita 15 ne, kewayen tagar 4.8 sau 0.15 ya ba ka 0.72, rabin tagar daidai.  Shi ya sa irin wannan taga rabi nake cirewa, ƙaramar ta banɗaki kuwa ko kallonta ba na yi. Babbar ƙofar gilas mai cin rabin bango, ita ce ake cirewa duka.

Taga biyu a rabi-rabi 1.44, haɗa da ƙofa, 3 da ɗan wani abu. Bango ya koma kusan 51. In tsohon bango ne mai santsi kuma launin bai yi nisa da na da ba, shafa biyu 102, raba da 10, lita 10 da ɗan ɗori. In sabuwar filasta ce, kada ka ninka da biyu ka wuce, kowace shafa da nata lissafi: ta farko 51 raba 7, lita 7 da ɗan kai, ta biyu 51 raba 10, lita 5, jimla 12 da rabi. A kan kowanne ka ɗora kashi 10 cikin 100, saboda abin da rola ke riƙewa, da wanda ke ɗiga, da gyaran inda mai haɗa wuta zai dangwala hannu bayan ka tafi. Na farko ya zama lita 11 da wani abu, na biyu kusan 14. In kuma fari za ka hau kan ja ko shuɗi mai duhu, lissafa shafa uku tun farko.

Silin shi ne faɗin ƙasan ɗakin, 5 sau 4, mita 20, ba abin cirewa. Na taɓa ganin yaro yana cire gurbin fanka da ƙwan lantarki, na ce Allah ya shirye ka. Shafa biyu 40, lita 4, ka ce 4 da rabi. Rubuta shi a layinsa daban, don yawanci fari ne, ba za ka haɗa litarsa da ta bango ka sayo launi ɗaya ba.

Duk abin da ya fito, a sayo shi rana ɗaya, ka duba lambar haɗi ta zama ɗaya, in ba ɗaya ba ka juye su wuri guda ka gauraya kafin rola ta taɓa bango. Gwajin lita ɗayan kuma a gaban mai ɗakin za ka yi shi, shi ya riƙe bakin abin awo da hannunsa. Yanzu tashi ka je ka shafa bangon da tafinka, ka dawo ka gaya mini santsi ne ko kaushi.