Daƙiƙa ukun farko na bidiyon lekol

Maigida, direktan wata lekol a nan Garwa ya ba ni aikin bidiyon ɗaukar sabbin ɗalibai na WhatsApp da TikTok, na fara da tambarin makaranta da get, amma shiru ba mai kira. Me zan gyara?

To ƙanena, tambarin nan shi ya kashe ka. Mai kallo yatsansa na kan waya, kafin tambarinka ya gama juyawa ya wuce, kuma ba yaro kake wa magana ba, uwa ce ko uba da ɗansu ya gama CM2 suna tunanin inda za su kai shi a watan Satumba. Da su za ka fara. Hoton farko ya zama fuska, malama a bakin aji tana kallon kyamara tana cewa "Ɗanka ya ci CEP, ina za ka kai shi?" Sallama da gabatar da kai ka yanke su, na san da nauyi a wurinmu amma daƙiƙa uku gare ka.

Rubutun kuma ya fito tun hoton farko, ba sai ya shigo yana rawa ba, don da yawa suna kallo ne a shago ko cikin mutane murya a kashe. Murya da Hausa ko Fulatanci, rubutu da Faransanci yadda iyaye suka saba gani a takardun lekol: "Inscriptions 6e ouvertes", ƙarƙashinsa sunan unguwa. Shi ke nan. Kalma biyar ko shida a allo ɗaya, ka karanta da baki sau biyu a hankali, in ya ɓace kafin ka gama to ka ƙara masa lokaci.

A CapCut ka zaɓi 9:16, rubutu ya zauna tsakiya ya ɗan yi sama, saboda TikTok na rufe ƙasa da bayani, gefen dama kuma da maɓallan so da sharhi. Fari mai baƙin gefe, in ba haka ba farin bangon aji da ranar Garwa za su haɗiye shi. Ka tura wa ƙaramar waya mai fasasshen gilashi ka duba a waje.

Daga daƙiƙa 3 zuwa 15 abu ɗaya kawai za ka nuna, aji da benci ko famfon ruwa, sannan ranar rufe rajista, tambari da lambar waya su zo ƙarshe su tsaya kamar daƙiƙa biyar, lamba tara ce, mutum na bukatar lokacin ɗaukar hoton allo.

Direkta zai ce ka sa 100% a BEPC, kullum haka suke. Ka ce ya nuna maka takardar sakamako tukuna. Na taɓa rubutawa a kan maganar baki, wata uwa da 'yarta ta faɗi a lekol ɗin ta zo har shago.