Matsakaicin albashin da jarida ta buga

Tambaya: "Na karanta a jarida wai matsakaicin albashi a wata masana'anta naira dubu 160 ne, amma ƙanena da ke aiki can bai taɓa ganin rabin haka ba. Ƙarya suka yi?"

Ɗan'uwa, ba lallai ƙarya ba ce, amma an ɓoye maka wani abu. Masu ƙididdiga suna auna matsakaici ta hanya uku.

A ce ma'aikata 7 ne. Uku suna karɓar dubu 70 kowanne, ɗaya dubu 80, ɗaya dubu 90, ɗaya dubu 100, manaja kuma dubu 640. In ka tara duka, dubu 1,120 ke nan, ka raba gida 7, kowa ya tashi da dubu 160. Wannan shi ne matsakaicin tarawa da rabawa, kuma shi jaridu suka fi ɗauka. Lissafin daidai ne, sai dai mutum 6 cikin 7 ba su kai shi ba, albashin manaja kaɗai ya ja shi sama.

Yanzu jera su daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya, wato na huɗu: dubu 80. Ko manaja ya koma karɓar miliyan 5, wannan adadin ba zai motsa ba. Shi ya sa ni dai a maganar albashi ko kuɗin haya na fi yarda da shi.

Na uku shi ne adadin da ya fi maimaituwa, a nan dubu 70. Mai sayar da takalma ya san shi, lambar da aka fi saya yake sarowa.

Abin da ke damuna, jarida ba ta cika faɗin wanne ta ɗauka ba. In ka ga yawancin ma'aikatan wurin suna ƙasa da adadin, to da alama 'yan ƙalilan masu babban albashi ne suka ɗaga shi. Ka nemi sanin mutum nawa aka ƙirga, da kuma ko an sa masu aikin wucin gadi a ciki.