Kanun da ya kamata takardar shirin darasi ta ɗauka

"Ni shugabar wata firamare ce a Aboabo, Kumasi. Takardar shirin darasinmu tana da kanu goma sha huɗu, malamai kuma ba sa cike ta. Waɗanne zan bari a shafi ɗaya?"

Malama, kanu biyar sun wadatar: aji da batu da tsawon lokaci a layi ɗaya, sannan manufa, kayan aiki, matakan koyarwa, da auna fahimta. Ki ba matakan koyarwa rabin shafin, ki raba su gida uku kamar yadda manhajar Ghana ta 2019 ta tsara, wato share fage, gundarin darasi da bita, kowanne da mintunansa a gefe. Lambar da manhaja ta ba batun kuwa, a maƙala ta a layin farko saboda masu duba makarantu.

Sharaɗin shi ne manufa ta zama abin da yaro zai aikata a gani, kuma auna fahimta ya gwada wannan abin kai tsaye. Idan malamin aji uku ya rubuta "yara su raba lemo goma sha biyu tsakanin mutum huɗu", to tambayar ƙarshe ta fito da kanta. Idan kuwa ya rubuta "su fahimci rabawa", na sha ganin gurbin auna fahimta an bar shi fayau, domin malamin bai san abin da zai tambaya ba.