Me ya sa awaki ke hawa katanga da mota?

Wani ɗan'uwa daga Mabera ya tambaya: “Akuyarmu kullum tana kan katanga ko kan motar maƙwabci, me take nema?”

Malam, halinta ne na gado. Asalin kakanninta awakin duwatsu ne, wajen ƙasar Iran da Turkiyya, inda hawa tudu ke tserar da su daga namun daji. Kofatonta a rabe yake biyu, gefensa da tauri, cikinsa da taushi, shi ya sa take riƙe bakin katangar da tunkiya ba za ta ko gwada ba. Kuma ita ganyen sama take so, ba ciyawar ƙasa ba. Duba da kyau, ƙila akwai reshen dogonyaro ko magarya da ya leƙo wurin.

Amma in da damina abin ya ƙaru, to laima take gudu, don jar akuyar Sakkwato ba ta ƙaunar taka caɓi. Ka janye turmi, durom ko tarin bulo daga jikin katangar, da su take yin tsani. Sai ka kafa mata dakali busasshe a garke, kamar kamu biyu daga ƙasa, ka riƙa rataye mata harawa sama.