Mota ko gidan abinci: yadda ake auna jari biyu da kuɗinsu ba ya shigowa lokaci ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, ina da riyal 100,000. Idan na sayi motar sanyi ta kai kaya, ina sa ran samun 50,000 a shekarar farko, sai 40,000, sai 30,000, sai 20,000 a ta huɗu har da kuɗin sayar da ita. Idan kuma na shiga haɗin gwiwa a wani gidan abinci, zan samu 10,000, sai 25,000, sai 50,000, sai 70,000 har da kasona in na fita. Abokina ya ce gidan abincin ya fi da 15,000. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Jimlar abokinka daidai take, 155,000 da 140,000, sai dai ya haɗa riyal ɗin bana da riyal ɗin da sai bayan shekara huɗu zai shigo hannunka kamar abu ɗaya ne, alhali kuwa wanda ya riga shigowa kana iya juya shi ya haifi wani kafin na ƙarshen ya iso. Saboda haka kafin a kwatanta, ana mayar da kuɗin kowace shekara zuwa darajarsa ta yau, a tara su, sannan a cire jarin da aka zuba. Abin da ya rage shi ne ainihin ƙarin da kasuwancin ya yi maka, kuma shi ne manhajar Excel ke fitarwa ta hanyar umarnin NPV.

Matakin farko shi ne ka tsayar da ribar da kuɗinka zai iya samowa a shekara in da ka sa shi a wata harka mai irin wannan haɗarin. Mu ɗauka kashi 10 cikin ɗari ce. Ma'anarsa, riyal 100 na yau zai zama 110 baɗi, don haka wanda ya yi maka alkawarin 110 baɗi tamkar ya ba ka 100 ne yau. Kuɗin shekarar farko ke nan za a raba shi da 1.1. Na shekara ta biyu ya yi jira sau biyu, sai a raba shi da 1.1 sau 1.1, wato 1.21, na uku da 1.331, na huɗu da 1.4641. Tun da abin da ke shigowa ya bambanta daga shekara zuwa shekara, dole kowace a raba ta ita kaɗai da nata adadin.

A ɓangaren motar, 50,000 ta farko ta koma 45,455, ta biyu 33,058, ta uku 22,539, ta huɗu kuma 13,660. Jimlarsu 114,712, idan aka cire jarin 100,000 sai a bar ka da 14,712. A ɓangaren gidan abincin kuwa za ka samu 9,091 da 20,661 da 37,566 da 47,811, jimla 115,129, ragowar kuma 15,129. Ka lura da 70,000 ɗin nan da ta fi ɗaukar hankali: jiran shekara huɗu ya zaftare mata sama da 22,000. Tazarar 15,000 da abokinka ya gani ta dawo riyal 417 kacal, wanda a jarin dubu ɗari kunnen doki ne.

A nan ne hukuncin yake, domin wanda ya yi nasara ya dogara ne da kason ribar shekara da ka zaɓa. Idan ba ka da wata hanyar juya kuɗi da ta wuce kashi 6, motar za ta bar maka kusan 23,800, gidan abincin kuma kusan 29,100, ka ga jira ya biya. Idan kuma kana da harkar da ke ba ka kashi 15, lamarin ya juya: motar kusan 4,900, gidan abincin kusan 500. Wurin da suke yin daidai yana ɗan sama da kashi 10. Dalili shi ne duk lokacin da kason ya ƙaru, kuɗin da ke nesa ne ya fi raguwa, gidan abincin kuwa mafi yawan kuɗinsa yana shekara ta uku da ta huɗu. Don haka kada ka ɗauki kason daga bakin wani. Ka duba abin da kuɗinka ya saba samo maka da gaske, ka ƙara wani abu a kai idan harkar ta fi haɗari.

Ni a ganina gidan abincin ya cancanci kaso mafi tsanani fiye da motar. Kuɗin motar yana dawowa da wuri, kuma in abu ya ɓaci akwai ƙarfen da za a kai kasuwar motoci a sayar. Shi kuwa 70,000 ɗin shekara ta huɗu hasashe ne da ya rataya a kan ɗorewar ciniki, da sabunta hayar shago, da kuma samun wanda zai sayi kasonka a farashin da kake zato. Gwada ka rage ta zuwa 60,000: dubu goman nan darajarta a yau 6,830 ce, sai ragowar gidan abincin ta faɗo zuwa kusan 8,300, motar ta wuce shi nesa ba kusa ba. Ka yi wa motar irin wannan gwajin, musamman idan 50,000 ta farko ta dogara ne da kwangilar kamfani guda.

Kafin ka amince da alƙaluman, ka tabbata kuɗin da ka rubuta shi ne wanda ya rage a hannu bayan an biya mai, gyara, inshora, haya da albashi. Idan kai ne za ka tuƙa motar, ka cire wa kanka albashin direba, in ba haka ba za ka lissafa gumin jikinka a matsayin ribar jari, alhali a gidan abincin wasu ne ke aikin. Ka kuma bar lissafin duka a riyal, wanda aka ɗaure da dala a kan 3.75, ko da niyyarka ka tura kuɗin gida. Cakuɗa shi da naira ko fam ɗin Sudan zai shigo da hauhawar farashin can cikin kason.

Idan da Excel za ka yi, ka jera kuɗin shekara huɗun daga B2 zuwa B5, ka rubuta:

```
=NPV(10%,B2:B5)-100000
```

Jarin farko a waje yake tsayawa, saboda umarnin yana ɗaukar adadin farko na jerin a matsayin kuɗin da zai zo bayan shekara guda. Wanda ya cusa jarin cikin jerin zai ga motar ta ba shi 13,375 maimakon 14,712, kuma alamar kuskuren ita ce amsar ta yi daidai da ta gaskiya an raba ta da 1.1.

Wasu kan yi ɗari-ɗari da wannan lissafi don ganin kaso cikin ɗari, suna tsoron riba irin wadda shari'a ta hana. A nan babu wanda ya ranta wa wani kuɗi, awo ne kawai na abin da ka hana kanka ta hanyar ɗaure jarinka, kuma kana iya ɗaukar kason daga ribar cinikinka na halal. Da waɗannan alƙaluman, idan kuɗinka ya saba samo maka fiye da kashi 10 a shekara, motar zan ba ka shawara ka ɗauka.