Gajiyar aiki mai cin ran ma'aikatan asibiti: me za a sa a darasin rigakafi?

Tambaya: Likita, ni metiron ce a wani asibiti a Kaduna. Nas-nas ɗina uku sun ajiye aiki bana, sauran kuma sun zama masu tsawa ga majinyata. Shugabanni sun ce in shirya bitar yini ɗaya a kan haƙuri da juriya. Anya wannan zai wadatar?

Amsa: Hajiya, ba zai wadatar ba, kuma kullum sai na ci karo da wannan kuskuren. Ana ɗauka duk wanda aiki ya cinye rago ne ko mai ƙarancin tawakkali, sai a tara mutane a ba su lemo da takardar shaida, a mayar da su kan jadawalin da ya karya su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan gajiya a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, bushewar zuciya ga aikin, da jin cewa ba a tsinana komai. Nazarin da aka tattara a 2017 kan likitoci ya nuna gyaran tsarin aiki ya fi horar da mutum shi kaɗai tasiri. Nas ɗin da aka ce mata "ki ƙara haƙuri" shiru za ta yi, wata ma ta koma shan maganin barci ba da sanin kowa ba.

Saboda haka ki fara da jadawali. A ce ɗakin kwanciya yana da nas 12, biyu ke kwana kullum. Kwanan aiki 60 ke nan a wata, biyar-biyar kowa. Amma idan an cire manya uku daga aikin dare, sauran taran kowa zai ɗauki kusan bakwai, galibi a jere. Ki rubuta ƙa'ida: kada a wuce dare uku a jere, a bi shi da hutun kwana biyu, kuma a bar aƙalla awa 11 tsakanin tashi da komawa aiki. Wanda ke da ikon sa hannu a jadawalin dole ya zauna a darasin, in ba haka ba ɓata lokaci ne.

Kafin nan ki auna gajiyar ma'aikatanki da ma'aunin CBI, wato takardar tambayoyi ta Copenhagen da ake auna gajiyar aiki da ita, tambayoyi 19 ne kuma kyauta ne. Kada a rubuta suna, kada a miƙa wa shugaban sashe, ki maimaita bayan wata shida.

Ɓangaren mutum ya zo na biyu: zaman awa ɗaya na mutum shida zuwa takwas duk mako biyu, cikin lokacin aiki, a tattauna mutuwar majinyaci ko rigima da dangi. Wadda damuwarta ta bi ta har gida, ta daina jin daɗin komai, ko take tunanin halaka kanta, wannan ya wuce bita. A haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa a asirce, ga asibitin tarayya na Barnawa nan kusa.