Tsofaffin kalmomin waƙoƙin fada: ta ina ake kama su?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son waƙoƙin fada na da, amma rabin maganar ba na ganewa. Mene ne giye, akawal, jalala? Na ji an yi wa mawaƙi kyautar dala da jaka, dalar Amurka ce? Kowa na tambaya a nan Kaduna da irin amsar da zai ba ni."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ciwonmu ɗaya, kuma kada ka ɗauka Hausarka ce ta gaza. Manyan makaɗan fadan da muke saurare, irin su Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, duk mutanen ƙasar Sakkwato da Zamfara ne, da Hausar garinsu suke waƙa. Kunnen da ya tashi a Tudun Wada ko Kawo ko Unguwar Rimi da Hausar Zazzau da ta Kano ya saba. Saboda haka kafin ka ce kalma tsohuwa ce, fara tabbatarwa ba Sakkwatanci ba ne kawai. Da yawan abin da muke kira tsohuwar Hausa, yau ɗin nan da shi ake ciniki a kasuwar Talata Mafara.

Bari in haɗa maka layi uku da kaina don misali, ba na wata waƙa ba ne, in zuba kalmominka a ciki:

Giye, kai ad da gari, wa ka ja da kai,
Ran da niz zo yab ba ni akawal da jalala,
Yac ce a ƙara man jaka da ƙwarya ukku.

Fara da ƙananan kalmomin, domin su ne suka fi kayar da mutane. "Kai ad da gari" na nufin kai ke da gari. Wannan "ad" ɗin harafinta na ƙarshe yana rikiɗa ya koma irin na kalmar da ke bin ta, shi ya sa za ka ji "kai as sarki", wato kai ne sarki. "Wa ka ja da kai" kuma ba tambayar sarki ake yi da wa ya yi jayayya ba. A Hausar yamma "ka" a irin wannan wuri tana tsaye ne a madadin "ke", don haka maganar ita ce wa ke ja da kai. "Niz zo" na zo ne, "yac ce" ya ce ne, kamar yadda "anka", "munka", "sunka" suke aka, muka, suka.

Yanzu dubi "yab ba ni". A nan ne raina yake ɓaci. Masu rubuta waƙa a ƙarƙashin bidiyo sai su ji wannan su rubuta "yaba ni", sannan su zo suna bayani da ƙarfin hali wai mawaƙin yana roƙon sarki ya yabe shi. Ina aka taɓa yin haka? Mawaƙi ne ke yabon sarki, sarki kuwa bayarwa yake yi. "Yab ba ni" ya ba ni ne, shi ke nan. Harafi ɗaya suka yar, ma'anar ta kife. Abin da ya fi ciwo, mutum bai saurari 'yan amshi ba, bai tambayi Basakkwace ko ɗaya ba, bai buɗe ƙamus ba, amma ya sa murya mai kauri kamar wanda ya gaji kotso, dubban yara su kwashe su yaɗa. In dattijo ya gyara masa a ƙasa sai ya goge gyaran, ko ya ce ai waƙa kowa da fahimtarsa. To fahimta tana zuwa ne bayan an ji kalmar daidai. Irinsu ne ke jin "giye" su ce giya ake nufi, har su fara jajanta yadda makaɗan da suka lalace. Allah ya shirye su, mu ma ya shirye mu. Ni dai na daina musu da su, hawan jini kawai suke jawo wa mutum.

Giye toron giwa ne, wato namijinta. Kalmar kirari ce, ana kiran basarake da ita don girma da kwarjini, cewa in ya taho ba mai tare masa hanya. Haka bajimi ko bajini, babban sa ne. Gamji kuma itace ne dangin ɓaure da ceɗiya da durumi, mai faɗin ganye da yalwar inuwa, kuma mu nan Kaduna mun san shi ne laƙabin Sardauna Ahmadu Bello, har ga wurin shaƙatawar da muke kira Gamji. Irin waɗannan kalmomi sai ka riƙe abu biyu tare: abin da kalmar take a daji, da halin da aka ɗauko daga gare shi aka jingina wa mutum. In ka tsaya a na farko kaɗai, za ka zaci waƙar dabbobi ce.

Akawal baƙin doki ne. Makaɗan fada ba sa cewa doki kawai su wuce, sai sun faɗi irinsa, domin a nan darajar kyautar take. Kili mai farin gashi ne, danda mai dabbare-dabbaren fari, ingarma ƙaton namiji, ƙuru ɗan gajere, goɗiya mace. Jalala kuwa shimfiɗar ado ce ta sirdi, mai aikin zare. To in aka ce an ba shi akawal da jalala, ana gaya maka ba tsurar doki aka miƙo masa ba, da kayan hawansa aka ba shi. Waɗannan kalmomi ba mutuwa suka yi ba, komawa suka yi hannun masu sana'a. Je ka wurin masu kiwon dawaki, ko ka shiga Zariya lokacin hawan salla ka zauna da zagage da masu ɗinkin kayan doki, za su nuna maka likkafa da majayi da ƙaimi da hannunka ka taɓa. Har lifidi, wato rigar yaƙi mai cushen auduga da ake sa wa doki da mahayinsa, da sulke na zobban ƙarfe, da kwalkwali, duk ana fito da su ranar hawa.

Maganar dala, a'a, ba ta Amurka ba ce. Sai ka koma lissafin kuɗin da aka yi amfani da shi kafin naira ta shigo a 1973. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Taro kwabo 3, sisi kwabo 6, nai kwabo 9. Anini 10 ne kwabo ɗaya. Dala sule 2 ce, wasu su ce fataka, ke nan dala 10 ce fam ɗaya. Jaka kuwa fam 100 ce, kuma da aka yi canji fam ɗaya ya zama naira 2, shi ya sa har yanzu dattawa ke kiran naira 200 jaka. Don haka jakar da ke cikin misalina fam 100 ce, ba jakar zuba kaya ba, kuma a wancan zamani dukiya ce ta gaske. Ƙwarya ukku kuma ba ƙoren fura ba ne. Ƙwaryar goro ƙwaya 100 ce, ke nan goro 300 aka ƙara masa. In ka ji zambar, dubu ce, ragowar lissafin zamanin wuri. Tarko biyu a nan. Na farko "ɗari": a kuɗin da, ɗari tana iya zama rabin kwabo, don haka in an ce wani marowaci ya ba da ɗari, zambo ne ake masa, ba yabo ba. Na biyu, in mawaƙin na Nijar ne lissafin ya sauya, domin a can dala sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1,000. Sai ka san ƙasar mai waƙar da zamaninsa kafin ka buga lissafi.

Af, na tsallake "ɗiya", ita ma tana wahalar da mutane. A can yamma in muryar ta fara ƙasa ta hau sama, 'ya mace ɗaya ce. In gaɓoɓin biyu duk a sama suke, 'ya'ya ne gaba ɗaya, maza da mata. A rubutu ba za ka ga bambancin ba, sai a kunne, shi ya sa ban yarda da kowace rubutacciyar waƙa ba sai na haɗa ta da sautinta.

Shi sauraron ma da dabararsa. Jagoran waƙa yakan haɗiye kalma ko ya ja ta don ta hau kiɗa, amma 'yan amshi in sun karɓa sukan fito da ita sarai, musamman a gindin waƙa da ake ta maimaitawa. Rage gudun sautin a wayarka zuwa 0.75, ka saurari karɓin sau da yawa, ka rubuta abin da ka ji yadda ka ji shi, kada ka gyara. In akwai ɗauka biyu na waƙar ɗaya ka kwatanta su, domin makaɗan baka sukan sauya ɗiyan waƙa, wato baitocinta, daga wannan zama zuwa wancan, wani lokaci su sa kalma mai sauƙi a gurbin mai wuyar, su fassara maka da kansu.

Sannan ka je ƙamus, amma ka mayar da kalmar daidaitacciyar Hausa tukuna, in ba haka ba kana iya cewa babu ita. Hw ta koma f, hwaɗi ya zama faɗi. Tahi tafi ne, sabka sauka, zamna zauna, amre aure, halshe harshe, biyat biyar. Ƙamusun Bargery na 1934 shi ya fi tara kalmomin dawaki da yaƙi da sarauta, domin an tattara shi lokacin da masu faɗarsu ke raye, kuma yakan nuna ta wane gari ce, sai dai bayaninsa da Turanci yake. Na Jami'ar Bayero na 2006 Hausa zuwa Hausa ne, ya fi sauƙin shiga. In ka samu ma'ana, mayar da ita cikin layin ka gani. Idan ɗan waƙar yana lissafin kyauta ne, kalmar za ta zama doki ko tufa ko kuɗi. Idan ma'anar da ka samo ba ta zauna da maƙwabtanta ba, to ko dai kunnenka ya yanka kalmar ba daidai ba, ko kuma mai sauti iri ɗaya ka kamo.

Inda ƙamus ba zai cece ka ba shi ne zambo da habaici. Mawaƙin fada zai ce burgu ko tunku ko bika, ƙamus ya gaya maka dabbar, amma wani ɗan sarki ne mai neman gadon sarautar ake yi da shi, kuma mutanen fadar kaɗai suka san ko wane ne. Wannan sai dattijon garin, kuma ko shi ba ko yaushe zai yarda ya kama suna ba, tunda jikokin mutumin suna nan. Kada ka matsa masa, kuma in ya faɗa maka kada ka kawo mana nan.

Sauran kalmomin da suka tsaya maka, turo su, amma don Allah ba guda-guda ba. Sa ɗan waƙar gaba ɗaya, da sunan mawaƙin, da wanda aka yi wa waƙar, da guntun sautin in zai yiwu. Akwai Zamfarawa da Sakkwatawa a cikinmu, su ma su sa kunne.